Faifan terabait ɗaya da yake nuna 931 GB: ina sauran suka shiga?

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Na sayi had-dis na waje sabo fil, a jikin kwalinsa an rubuta 1TB. Da na jona shi a laftof ɗina sai na ga ya nuna 931 GB kawai, alhali ban saka komai a ciki ba. Mai shagon ya ce haka suke, fomat ne ya cinye sauran. Gaskiya ya faɗa, ko in mayar masa da kayansa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka mayar. Faifanka cikakke ne, ko bait ɗaya ba a rage maka ba. Mai shagon ya yi gaskiya da ya ce haka suke, amma dalilin da ya ba ka ba shi ba ne. Fomat bai ci waɗannan gigabait 69 da kake nema ba. Abin da ya faru shi ne, kamfanin da ya ƙera faifan da ma'auninsa ya auna, Windows kuma da nata ma'aunin ta auna, kuma dukansu biyu suna kiran ma'aunin nasu da suna ɗaya, wato GB.

Ka ɗauka an auna maka gero kwano 100 cif aka zuba a buhu. Ka isa gida ka sake aunawa da kwanon gidanku, wanda ya ɗan fi na kasuwa zurfi, sai ka samu kwano 93. Buhun bai huje ba, ba kuma wanda ya ɗiba a hanya. Geron yana nan yadda yake, kwanon ne ya sha bamban. To, lamarin faifanka ke nan, har ma lissafin ya zo kusan daidai: a kowane 100 na kamfani, Windows tana ƙirga 93.

Bari mu bi lissafin a tsanake, don ina so ka iya yin sa da kanka a kalkuletar wayarka, ba sai ka dogara da maganata ko ta wani mai shago ba.

Abin da ake ƙirgawa a kowane faifan ajiya shi ne bait. Kamfanonin da suke ƙera faifai suna hawa da dubu-dubu, kamar yadda kilo ɗaya na nama yake giram 1,000, kilomita kuma mita 1,000. A wurinsu kilobait bait 1,000 ne, megabait miliyan ɗaya, gigabait biliyan ɗaya, terabait kuma tiriliyan ɗaya, wato 1,000,000,000,000. Idan ka juya kwalin ka duba ƙananan rubutun da ke bayansa ko a gefe, galibi za ka ga sun rubuta wannan ƙarara.

Ita kuwa Windows da 1,024 take hawa. Kilobait ɗinta bait 1,024 ne. Megabait ɗinta 1,024 sau 1,024, wato 1,048,576. Gigabait ɗinta kuma sai an sake ninkawa da 1,024, ya zama 1,073,741,824. Ka ga ke nan gigabait ɗin Windows ya fi na kamfani girma da bait miliyan 73 da ɗoriya. Idan ma'auni ya fi girma, dole adadin da za a ƙirga ya ragu. Ga rabawar:

```
1,000,000,000,000 / 1,024 = 976,562,500
976,562,500 / 1,024 = 953,674.3
953,674.3 / 1,024 = 931.3
```

Layin farko kilobait ne, na biyu megabait, na uku gigabait, duka a ma'aunin Windows. Ga 931 ɗinka nan ya fito, ba tare da an ambaci fomat ko sau ɗaya ba.

A zahiri ma faifanka ya ɗan zarce tiriliyan ɗaya. Faifai a yanke yake gida-gida, ana kiran kowane gida sekta, kuma a lissafin da kwamfuta take gani yawanci kowace sekta bait 512 ce. Kamfanonin suna da ƙa'ida ɗaya da suka yarda da ita ta yawan sektar da kowane girma zai ƙunsa, domin idan faifai ya lalace a iya maye gurbinsa da na wani kamfani ba tare da ya gaza ba. A wannan ƙa'ida faifan 1TB yana da sekta 1,953,525,168. Ka ninka da 512, za ka samu bait 1,000,204,886,016. Wato har gyara aka yi maka ta bait miliyan 204 da 'yan kai a kan abin da aka rubuta a kwali. Idan ka raba wannan da 1,073,741,824 zai ba ka 931.51, kuma wannan lambar, ko wadda take dab da ita, ce za ka gani idan ka buɗe Disk Management, wato wurin da Windows take nuna faifai da yadda aka yanka su.

Ka gwada yanzu. Buɗe This PC, ka danna faifan da maɓallin dama, ka zaɓi Properties. A layin da aka rubuta Capacity za ka ga lambobi biyu kafaɗa da kafaɗa: doguwar lamba da ke ƙarewa da bytes, sai gajeriya a gefenta, 931 GB. Doguwar ita ce abin dubawa. Idan tana dab da tiriliyan ɗaya, ko ta ɗan haura ko ta ɗan gaza, to an ba ka abin da ka biya. In kana son ganin girman faifan kansa tun kafin a yanka shi fatishan, buɗe PowerShell ka rubuta:

```
Get-Disk | Select-Object Number, FriendlyName, Size
```

Mai amfani da Linux kuma ga nasa:

```
lsblk -b -d -o NAME,SIZE,MODEL
```

Duka biyun za su kawo maka girman da bait tsagwaronsa, babu GB balle a yi gardama.

To, me ya kai kwamfuta ga 1,024 tun farko? Wannan ba son rai ba ne, daga yadda aka gina ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta ya samo asali, wadda muke kira RAM. Kowane gida a cikinta yana da lambar adireshi, ana kuma isar da lambar ta wayoyi waɗanda kowannensu hali biyu kawai yake da shi, ko da wuta ko babu. Waya ɗaya tana iya nuna gida 2, wayoyi biyu gida 4, uku gida 8, haka ake ta ninkawa. Wayoyi goma suna nuna gida 1,024 cif. Da injiniyoyin farko suka ga 1,024 ya yi kusa da dubu, sai suka ari kalmar kilo suka laƙaba masa don sauƙin magana. A lokacin bambancin kashi 2.4 cikin 100 ne kacal, ba wanda ya damu. Har yau RAM a kan haka take, domin gininta ne ya tilasta: RAM ta 8 GB bait 8,589,934,592 ce, shi ya sa ba ka taɓa jin wani yana kukan an rage masa ita ta wannan fuskar ba.

Shi faifan ajiya babu abin da ya ɗaure shi da ninkin biyu. Girmansa ya dogara da yawan sektar da aka iya jerawa a kansa, ko nawa ne. Saboda haka masu ƙera shi tun da daɗewa da dubu suke lissafi. Matsalar ita ce ratar da ke tsakanin ma'aunan biyu ba a tsaye take wuri ɗaya ba, ƙaruwa take yi a kowane hawa. A kilo kashi 2.4 ce cikin 100, a mega ta kusa 5, a giga ta haura 7, a tera kuwa ta kusa 10. Abin da ba a lura da shi a zamanin ƙananan faifai, yau ya zama gigabait 69 da mutum yake gani da idonsa, ya ji kamar an cuce shi. Kuma ban ga laifin wanda ya ji haka ba, don 69 ɗin nan ya fi duk ajiyar wata wayar.

Wanda ya taɓa amfani da ɗan faifan filofi mai 1.44 MB ya riga ya riƙe wannan ruɗani a hannunsa bai sani ba. Bait 1,474,560 ne a cikinsa, wato 1,440 sau 1,024. An ɗauki kilo a matsayin 1,024, sannan aka ɗauki mega a matsayin kilo 1,000. Ba na kamfani ba ne zalla, ba na kwamfuta ba ne zalla, an gwama su ne a lamba ɗaya.

An yi ƙoƙarin raba gardamar. A ƙarshen 1998 hukumar IEC, mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki ta duniya, ta amince da sababbin sunaye ga ma'aunin 1,024, waɗanda ake rubutawa KiB, MiB, GiB da TiB, aka bar kB, MB, GB da TB ga ma'aunin dubu. Da wannan ƙa'ida, faifanka 1 TB ne, kuma 931 GiB ne, duka biyun daidai. Apple ta koma lissafin dubu a 2009 da fitowar Mac OS X 10.6, shi ya sa idan ka jona wannan faifan naka a kwamfutar Mac za ta nuna maka 1 TB. Manhajoji da yawa na Linux suna rubuta GiB idan 1,024 suke nufi. Windows ce ta ci gaba da rabawa da 1,024 tana rubuta GB. Maganar ta kai har kotu a Amurka: an yi ƙarar Western Digital da Seagate kan wannan bambanci, aka sasanta ta farko a 2006, ta biyu kuma a 2007. Kamfanonin ba su sauya lissafinsu ba, sai dai bayanin da ke jikin kwali ya ƙara fitowa fili. A ganina masu ƙera faifai suna da hujja, tunda kilo dubu yake nufi a ko'ina. Gyaran yana hannun Windows, kuma harafi ɗaya ne kawai za ta ƙara, ta rubuta GiB, da mutane da yawa sun huta da zargin masu shago.

Yanzu batun fomat, tunda shi aka faɗa maka. Gaskiya ne yana cin wani abu, amma ɗan kaɗan. Idan aka yi wa faifai fomat, ana keɓe wuri don rajistar da za ta riƙe sunan kowane fayil da inda yake zaune. A sabon faifan 1TB mai NTFS ko exFAT, abin da wannan yake ɗauka bai kai gigabait ɗaya ba. Kuma a layin Used space yake bayyana, ba ya taɓa waccan 931 ɗin ta yadda za ka lura. Don haka kada ka sake yi masa fomat da fatan sauran za su dawo, kada kuma ka biya wani ya "buɗe" maka su da wata manhaja. Babu abin da aka kulle.

Inda fomat yake ci da ɗan yawa shi ne Linux. Tsarin ext4 yana tanadar teburorinsa tun daga farko, shi ya sa faifan 1TB yakan nuna kusan 916G a `df -h`, sannan yana keɓe kashi 5 cikin 100 ga mai kula da na'ura, wanda ake iya ragewa da `tune2fs -m` idan faifan na ajiya ne kawai. A can ma `df -h` da 1,024 yake lissafi, `df -H` kuma da dubu, kana iya gwada su a jere ka ga lambar ta sauya alhali faifan ɗaya ne.

Da a ce faifan na cikin laftof ne ba na waje ba, da akwai ƙarin masu cin rabo. Akwai ɗan fatishan na tayar da kwamfuta, yawanci megabait 100 zuwa 260, da wani na megabait 16 da Windows take keɓewa, da na farfaɗowa wanda yakan kai rabin gigabait zuwa ɗaya. Wasu kamfanonin laftof suna ƙara nasu fatishan ɗin mai gigabait da dama. Waɗannan su ne suke sa C: ya nuna 930 ko ƙasa da haka kaɗan. Ita Windows kanta, da fayilolinta na ɓoye irin su pagefile.sys da hiberfil.sys, wurin da ya rage suke ragewa, ba girman faifan ba. A riƙa bambance waɗannan biyun: girman faifai daban, sauran fili daban.

Abin da zai amfane ka nan gaba shi ne ka san lambar da ya kamata kowane girma ya nuna. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ninka gigabait ɗin kwali da 0.931. Filash na 32 GB zai nuna 29.8 ko ƙasa kaɗan, na 64 GB kusan 59, faifan 256 GB zai nuna 238, na 500 GB kuma 465. Idan aka haura zuwa inda Windows take rubuta TB, ana ƙara rabawa da 1,024 sau ɗaya, don haka ninkin ya koma 0.909: faifan 2TB yana nuna 1.81 TB, na 4TB kuma 3.63 TB. A SSD za ka iya cin karo da 953 maimakon 931. Wannan yana nufin gigabait 1,024 na kamfani ne a ciki, ko da an rubuta 1TB a kwali. Wanda aka rubuta wa 960 GB kuma 894 zai nuna.

Akwai wurin da wannan lissafi yake cizon mutum da gaske, wato wajen kwashe kaya. A ce tsohon faifanka yana ɗauke da bidiyon bukukuwa da Windows ta ce sun kai 950 GB, ka ce ai terabait ɗaya gigabait dubu ne, zai ɗauka har da saura. Ba zai ɗauka ba. Wannan 950 ɗin da babban ma'auni aka auna shi, a bait ya haura biliyan 1,020, faifanka kuwa biliyan 1,000 ne da ɗan ɗori. Sai aiki ya yi nisa, ko tun a farko, ta ce maka wuri bai isa ba. Kullum ka gwada lambar Windows da lambar Windows: kayanka da 931, ba da 1,000 ba.

To, yaushe ne ƙarancin yake nuna akwai matsala? Idan lambar ta kauce wa wannan lissafi da nisa. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta `diskmgmt.msc` don buɗe Disk Management, ka dubi layin faifan. A hagu za ka ga girmansa gaba ɗaya, a dama kuma yadda aka yanka shi. Idan hagu ya ce 931.51 GB amma This PC yana nuna, misali, 32 GB, za ka tarar da dogon yanki mai baƙin layi a samansa an rubuta Unallocated. Wannan yakan faru idan an taɓa amfani da faifan wajen haɗa abin saka Windows, domin manhajar da ke yin wannan aiki tana yanke fatishan na 32 GB ta bar sauran fili haka nan. Filin yana nan, sai dai a yi masa sabon fatishan, ko a kwashe kayan ciki a goge a sake yankawa. Haka nan faifan 3TB da ya nuna 2,048 GB, da wani 746 GB a gefe da ya ƙi taɓuwa: an tsara shi ne da tsohon tsarin MBR, wanda ba ya iya ƙirga sekta fiye da abin da ya kai 2 TiB. Maganinsa a mayar da shi sabon tsarin GPT, bayan an kwashe kayan da ke ciki. Idan kuwa lambar hagun ce da kanta ta ce 465.76 GB, to faifan 500 GB aka saka maka a kwalin 1TB, wannan kam ka koma shago da rasit ɗinka.

Amma wanda na fi jiye wa mutane tsoro ba mai nuna ƙasa ba ne. Jabun filash da jabun SSD na waje ba sa nuna ƙaramar lamba, cikakkiya suke nunawa, wani lokaci har fiye da yadda na gaskiya zai nuna. A cikin kowane filash akwai ɗan guntun da yake gaya wa kwamfuta girmansa, kwamfuta kuma yarda take yi ba ta bincike. Masu jabu suna sauya abin da guntun yake faɗa, sai mai gigabait 32 ko 64 ya ce shi 1TB ne ko 2TB. Kana zuba kaya yana karɓa. Idan wurin gaskiya ya cika, sai ya riƙa zubar da sabon ko ya rubuta shi a kan tsohon, alhali sunayen fayilolin suna nan reras da girmansu. Ba za ka gane ba sai ranar da ka zo buɗe hotunan suna ko takardun makaranta suka ƙi buɗuwa, kuma a irin wannan babu manhajar da za ta dawo da su, don ba a taɓa ajiye su ba. Alamar farko farashi ne: idan kuɗin terabait ɗaya ya yi daidai da na ƙaramin filash, ka ja da baya. Ta biyu rashin sauri ne wajen kwafi, ga shi an ce SSD ne amma yana tafiyar hawainiya.

Properties ba zai tona wannan ba, Get-Disk ma haka, domin duk abin da guntun ya faɗa suke maimaitawa. Hanyar da take tabbatarwa ita ce a cika faifan da bayanai har bakinsa, sannan a karanto su a gwada. A Windows akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna H2testw. Ka tabbata faifan babu komai a ciki, ka zaɓe shi a Select target, ka bar zaɓin all available space, ka danna Write + Verify. A Linux da Mac akwai f3, inda `f3write` yake rubutawa `f3read` kuma yake karantowa. Aikin yana ɗaukar lokaci: faifan 1TB da yake rubuta megabait 100 a daƙiƙa zai ci kusan awa uku wajen rubutu, ya ci kamar haka wajen karatu, don haka ka jona laftof ɗin a wuta, ka hana shi yin barci, ka kuma sa faifan a ramin USB 3, wanda galibi cikinsa shuɗi ne. Idan ya gama ya ce Test finished without errors, to duk 931 ɗin nan na gaske ne. Sai ka goge fayilolin gwajin masu ƙarewa da .h2w, ka fara zuba kayanka. Ka yi wannan gwajin tun kwanakin da mai shago ya ba ka na canji ba su ƙare ba.